Tozo, Rami da Busasshen Gefe: Yadda Wuta Ke Juya Kek a Cikin Obin

Kek ɗin biki ko na suna da ake gani ya tsaya cak a kan teburi, ba dunƙule ɗaya ba ne. Falle biyu ne ko uku ko huɗu aka gasa daban-daban, aka ɗora wani a kan wani, aka shafa kirim a tsakaninsu. Saboda haka duk kyan ado ya rataya ne a kan abu ɗaya: kowane falle ya fito a shimfiɗe, samansa daidai da ƙasansa, cikinsa ya nuna, gefensa da taushi. Idan ɗaya ya yi tozo a tsakiya, na samansa zai riƙa lilo har ya tsage. Idan ya lotsa, sai an cika ramin da kirim, mai yanka kuwa zai tarar da danƙo a tsakiya. Idan gefen ya bushe, baƙi za su ci tsakiya su ture baki-bakin a gefen faranti.

Masu gashi da yawa, musamman sababbin shiga, kan ɗora laifin a kan fulawa ko bota, ko su ce hannunsu ne bai faɗa ba. Wani lokaci haka ne. Amma a mafi yawan lokuta waɗannan illoli uku tushensu ɗaya: gefen kek da tsakiyarsa ba su nuna a lokaci guda ba. Wanda ya gane abin da ke kawo tazara tsakanin gefe da tsakiya, ya gane rabin sana'ar.

Abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa

Kwaɓin kek kumfa ne. Lokacin da aka buga bota da sukari har suka yi fari, iska ce aka cusa a ciki, ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Da gwangwani ya shiga obin, botar ce ke fara narkewa, tun zafin kwaɓin bai kai digiri 40 ba, sai kwaɓin ya saki ya zama ruwa-ruwa. Daga nan bekin foda ya ci gaba da sakin iskarsa, ruwan da ke cikin ƙwai da madara ya soma zama tururi, ƙwayoyin iskar nan su yi ta kumbura. Wannan shi ne tashin da ake gani ta gilashin ƙofa. Amma a duk wannan lokaci babu abin da ke riƙe da kek ɗin sai iska. Ba ya samun ƙashin tsayuwa sai zafin cikinsa ya kai wajen digiri 80 zuwa 95, inda ƙwai ke daskarewa, sitacin fulawa kuma ya sha ruwa ya kama jikinsa. Yawan sukari na ƙara jinkirta wannan kamawa, shi ya sa kek mai zaƙi sosai ya fi saurin faɗawa. Duk wurin da ya kama, tashinsa ya ƙare ke nan. Duk wurin da bai kama ba, yana nan yana tashi, kuma idan aka katse masa zafi zai sauka.

To yanzu a dubi gwangwanin. Kwaɓin da ke jikin bango yana karɓar zafi ta fuska uku: ta ƙasa, ta sama, da ta ƙarfen da yake jingine da shi. Na tsakiya kuwa ta sama da ƙasa kawai yake samu, sauran sai abin da ya ratso a hankali daga gefe. Gefe ne zai riga nuna ko da yaushe, wannan ba makawa. Abin da ke hannun mai gashi shi ne ta rage tazarar. Duk wadda ta taɓa suyar waina ta san wannan: in wuta ta yi yawa a ƙarƙashin tanda, baya ya yi baƙi, ciki yana nan ƙullu. Kek ma haka ne, sai dai shi ba a juya shi, kuma ba a ganin cikinsa sai aiki ya ƙare.

Kwaɓi ɗaya, wuta uku

Bari mu ɗauki kek ɗin bota da kowa ya sani, wanda ake auna manyan kayansa huɗu daidai wa daida: bota giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai biyar matsakaita, waɗanda in an fasa su za su kai wajen giram 250. A ƙara bekin foda ƙaramin cokali biyu, shafaffe ba mai tozo ba, da madara babban cokali uku, da ɗan gishiri da ƙamshi. Kwaɓin zai ɗan haura kilo ɗaya. A raba shi gida biyu a gwangwani mai faɗin inci 8, wato santimita 20, mai zurfin inci 2. Kowane gwangwani ya samu kimanin giram 500. A ɗora a sikeli a auna, kada a yi da ido, domin falle mai nauyi da marar nauyi ba za su nuna tare ba. Kwaɓin zai tsaya a ƙasa da rabin gwangwani kaɗan, kaurinsa kamar santimita biyu.

A ce an saka shi a obin da ainihin zafinsa ya kai digiri 200. Kafin minti goma su cika, zoben da ke jikin bango ya riga ya kama, tun bai gama tashi ba, don haka ya tsaya gajere. Saman ma ya yi ɓawo. Tsakiya kuwa yanzu ne zafi ke isowa gare ta, yanzu ne bekin fodarta ke aiki. Ba ta da hanyar faɗaɗa ta gefe, domin gefe ya zama katanga, sai ta tura sama. Ta ɗaga ɓawon, ta tsage shi, wani lokaci har ɗanyen kwaɓi ya ɓullo ta tsagar ya daskare a kai. Abin da zai fito shi ne kek mai tsini a tsakiya, mai gangara zuwa gefe, bakinsa ya yi duhu ya yi tauri. Kafin a iya ɗora wani a kansa sai an sare tozon da wuƙa, a sake kankare gefen. Ga mai sayarwa, wannan sarar fulawarta ce da botarta da ƙwanta suke tafiya, kuma kek ɗin da ta yi alkawarin tsayinsa zai fito gajere.

Akwai abin da ya fi wannan muni a wuta mai yawa. Launin saman yakan ruɗi mutum. A minti na ashirin kek ya yi ja, ƙamshi ya cika gida, har an fara jin ƙauri, sai a yi maza a fitar da shi don kada ya ƙone. Ya fito da tozonsa kyakkyawa. Minti biyar a kan teburi, tsakiyar ta sulale ƙasa ta zama rami. Dalili kuwa tururi da iska ne suka ɗaga ta, ba ta kai zafin kamawa ba, da ta sha iska tururin ya koma ruwa, babu abin da zai tallafe ta. Mai gashi ta ga rami sai ta ce wuta ce ta yi kaɗan, gobe ta ƙara. Alhali yawan wutar ne ya sa aka fitar da shi da wuri. Wannan kuskuren fahimta shi ya fi komai wahalar da sababbin masu gashi, kuma ina ganin ya kamata duk mai koyar da gashi ta fara da shi tun ranar farko.

Yanzu a saka kwaɓin nan a digiri 180, wanda shi ne adadin da aka fi rubutawa a littattafan girki. Idan da gaske obin ɗin 180 yake, kek zai nuna cikin minti 25 zuwa 30, launinsa mai kyau, da ɗan tudu a tsakiya. Ga kek ɗin shan shayi da za a yanka a ci haka nan, babu abin da ya fi wannan. Ɗan tudun ma ado ne.

Amma ga fallen da za a ɗora wa wani, a sauko zuwa digiri 160 ko 165. A wannan zafi bangon gwangwani ba ya kama kwaɓin da gaggawa. Gefe na samun sukunin tashi tare da tsakiya, saman kuma ba ya yin ɓawo kafin ciki ya gama kumbura. Za a ƙara lokaci, minti 32 zuwa 40, launin zai ɗan fi haske, amma fallen zai fito kusan a shimfiɗe, tsayinsa wajen santimita huɗu daga gefe har tsakiya, abin da za a sare bai taka kara ya karya ba.

Sai dai kada a ce tunda ragewa ta yi amfani, a yi ta ragewa. Idan aka sauka zuwa 140 ko ƙasa da haka da irin wannan kwaɓi, wata matsalar ce ke jira. Bota ta narke, kwaɓi ya daɗe yana ruwa-ruwa, ƙwayoyin iska su haɗe da juna su zama manya, su hau sama su fashe tun ƙwai da fulawa ba su kama sun tsare su ba. Kek ya tashi a hankali, ya sauka tun yana cikin obin. Idan aka yanka za a ga manyan ramuka a sama, a ƙasa kuma wani layi mai danƙo kamar bai ga wuta ba. Saman fari fat, yana manne wa yatsa. Ga shi kuma ya yi awa guda a ciki, iska mai zafi ta tsotse ruwan gefen. Wato wuta kaɗan ma tana kawo busasshen gefe, ta hanyar daɗewa, kamar yadda wuta mai yawa ke kawo shi ta hanyar ƙuna.

Lambar da ke jikin maƙunni ba ita ce zafin ba

Duk lissafin da ya gabata ya dogara ne da sanin ainihin zafin da ke cikin obin, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Ana yawan jin mai gashi na cewa, “Wallahi a 180 na sa shi, amma ya ƙone.” Ba ƙarya ta yi ba. A 180 ta tsayar da maƙunni, amma ba ta san abin da ke ciki ba. Obin ya bambanta da lambarsa da digiri goma ko ashirin abu ne da aka saba gani, har a masu tsada. Obin ɗin gas mai araha, wanda ke haɗe da murhun girki, da yawansu ba su da na'urar da ke tsayar da zafi a wuri ɗaya. Maƙunnin girman harshen wuta kawai yake sarrafawa, don haka zafi na ci gaba da hawa muddin wutar na ci. Falle na farko zai iya fitowa lafiya, na uku ya fito da tozo, alhali ba a taɓa komai ba. Obin ɗin da maƙera ke haɗawa a gida kuwa, wanda masu sana'a da yawa ke amfani da shi, sau da yawa ko lamba babu a jikinsa.

Maganin ɗan ƙaramin ma'aunin zafi ne na ƙarfe, mai fuska kamar agogo, wanda ake ratayawa ko a tsayar a cikin obin. Ana samunsa a shagunan kayan kek, kuma kuɗinsa bai kai na kwaɓi ɗaya da zai lalace ba. A ajiye shi a tsakiyar ragar da gwangwani zai zauna, ba a jikin bango ko ƙofa ba. A kunna obin a bar shi minti 15 zuwa 20 kafin a duba, domin iskar ciki kan yi zafi da wuri amma bangon bai ɗauka ba tukuna, da an buɗe ƙofa zafin ya gudu. Idan aka sa 165 allura ta nuna 185, an gano halin obin ɗin ke nan, daga yau sai a riƙa rage ashirin. A obin marar na'ura kuwa, sai a kunna da ƙarfi har allura ta kusa inda ake so, a rage harshen wuta, a jira a ga inda ta tsaya, sa'an nan a yi wa wurin alama a jikin maƙunni.

Kafin a samu ma'auni, sukari na iya ba da haske. Farin sukari yana narkewa ne a wajen digiri 186. A zuba babban cokali ɗaya a kan ɗan foyil, a sa a obin da aka tsayar a 175 ya riga ya yi zafi, a ba shi minti 15. In ya narke, obin ɗin ya fi lambarsa zafi. In aka ɗaga zuwa 195 har yanzu yana nan gari, obin ɗin bai kai lambarsa ba. Gwajin ba zai faɗi adadin bambancin ba, amma zai nuna ɓangaren da za a karkata.

A lura kuma da ma'aunin da aka yi rubutu da shi. Duk adadin da ke wannan rubutu na Salshiyas ne, mai alamar °C. Girke-girken Amurka da ake gani a waya da °F suke zuwa: 350°F shi ne kusan 177°C, 325°F kuwa kusan 163°C. Wasu obin ɗin gas irin na Birtaniya lambobi ne a jikinsu daga 1 zuwa 9, inda 4 ke daidai da wajen 180, 3 kuma wajen 165. Idan obin na lantarki ne mai fanka a baya, fankar na kaɗa iska mai zafi a jikin kek, gashi ya yi sauri, don haka ake rage digiri 20. Ga fallen kek, in akwai zaɓi, gara a kashe fankar a yi amfani da wutar sama da ƙasa, domin iskar fanka na busar da saman da wuri, har takan tura kwaɓin ya karkata gefe ɗaya.

Obin ɗin gas daga ƙasa wutarsa take. A sa raga a tsakiya, in kuma ƙasan kek na ƙonewa duk da haka, a saka tire marar komai a ragar da ke ƙasa ya tare zafin. Gwangwanaye biyu kada su taɓa juna ko bango, a bar tazarar yatsu biyu ko uku don iska ta zagaya.

Masu gashi a tukunya ma wannan magana ta shafe su, har ma ta fi. A zuba yashi mai tsabta ko gishiri a babbar tukunya mai kauri, a ɗora duwatsu uku ko zoben ƙarfe don gwangwani kada ya taɓa yashin, a rufe a bar ta ta yi zafi kamar minti 15. Ma'aunin zafin nan na shiga tukunya, a sa shi a ga inda aka kwana. Matsalar tukunya ita ce duk zafin daga ƙasa yake, sai ƙasan kek ya ƙone sama na ɗanye. Don haka a rage wutar ƙasa sosai bayan an saka kek, a ɗora 'yan garwashi a kan murfi. Zafin murfin zai gasa saman, zai kuma hana gumi taruwa ya ɗiga a kan kek.

Rage wa gefe gudu

Bayan daidaita wuta, akwai dabarar da ta kai tsaye ga tushen matsalar: a sanyaya bangon gwangwani. A samu tsohon tawul na auduga zalla, a yanka shi tsiri mai faɗin bangon, ninki biyu, a jiƙa shi sharkaf, a matse kaɗan don kada ya ɗiga, a naɗe shi cikin foyil, a zagaye gwangwanin da shi a ɗaure. Muddin akwai ruwa a tawul ɗin, bangon ba zai wuce zafin tafasar ruwa ba, wato digiri 100, ko da iskar obin ta kai 170. Gefe ya daina tsere wa tsakiya. Fallen kan fito a shimfiɗe, bakinsa fari da taushi, babu abin kankarewa. Zai ƙara 'yan mintoci a kan lokacin gashi. A obin ɗin gas a tabbata foyil ya rufe tawul ɗin gaba ɗaya, babu lilon da zai kusanci harshen wuta, kuma kada a yi amfani da yadi mai roba. Ana sayar da ɗinkakken irinsa a shagunan kayan kek.

Gwangwanin kansa na da tasiri. Baƙi ko mai duhu ya fi saurin ɗaukar zafi, yana ƙona gefe da ƙasa. In shi ke gare ki, ki rage wajen digiri goma. Na alminiyam mai haske da ɗan kauri ya fi dacewa. Siririn gwangwanin da ake lanƙwasawa da hannu kuwa, shi ne ya fi buƙatar tawul ɗin.

Idan faɗi ya ƙaru, tazarar gefe da tsakiya na ƙaruwa. Gwangwani mai inci 12 yana cin kwaɓi ninki biyu da kwata na mai inci 8 kafin a samu kauri ɗaya, wato wajen giram 1,125 a maimakon 500. A irin wannan a tsaya a 160, a naɗa tawul, a kuma kifa ƙusar fulawa, wato ƙusar ƙarfen nan mai faffaɗan kai da ake yin furen kirim a kanta, a tsakiyar gwangwani bayan an shafe ta da bota. Ƙarfen zai kai zafi cikin tsakiya kai tsaye. Rose Levy Beranbaum, marubuciyar Amurka da ta fitar da shahararren littafinta na kek a 1988, ta ja hankali ga wani abin da ba a cika lura da shi ba: babban gwangwani na buƙatar bekin foda ƙasa da abin da lissafin ninkawa ya bayar, domin tsakiyarsa ta yi nisa da bangon da zai tallafe ta, kuma za ta daɗe tana tashi kafin ta kama. Shi ya sa kwaɓin da ke fitowa lafiya a ƙaramin gwangwani yake lotsawa in an ninka shi a babba.

Zurfi ma haka. Mai son kek mai tsayi kan cika gwangwani ɗaya mai zurfin inci 4, da niyyar ta raba shi da wuƙa daga baya. Wannan kek zai haura awa guda a wuta, kuma kafin tsakiyarsa ta nuna gefe ya zama biskit. Gara a raba kwaɓin a gwangwani biyu ko uku marasa zurfi.

In wuta ta daidaita amma matsala na nan

Gaskiya ne ba kowane rami ba ne laifin wuta, kuma kek ɗin da kansa yana faɗin abin da ya same shi. Idan ya tashi da sauri har ya yi leɓe a bakin gwangwani, sa'an nan tsakiya ta rufta tun yana ciki, kuma akwai ɗan ɗaci a baki, bekin foda ne ya yi yawa. Cokali mai tozo kusan ninki biyu ne na shafaffe. Idan kuma tozon na nan ko a 160, cikin kek na da tauri da dogayen ramuka masu hawa sama, to an daɗe ana juyawa bayan zuba fulawa, ko fulawar mai ƙarfi ce irin ta burodi. A juya da hannu daidai ɓacewar gari a tsaya. A cikin giram 250 na fulawa ana iya cire 30 a maye da konfulawa don a sassauta ta.

Yanayi ma na shiga. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, bota kan yi ruwa tun tana kan teburi, kuma narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. A sanyin hunturu kuwa takan yi tauri, ƙwai ya yi sanyi, kwaɓi ya guntule kamar madarar da ta tsinke, sanyinsa kuma ya ƙara jinkirta tsakiya. Botar da ake so ita ce wadda yatsa zai lotsa ba tare da ya nutse ba.

Masu gashi a Jos na da nasu lissafin. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu, ruwa ke tafasa a wajen digiri 96. Kek a can na tashi da sauri ya wuce ƙarfinsa, ruwansa kuma ya fi saurin ƙafewa. Don haka shawarar saukowa 160 ba ta cika yi musu ba. Abin da ya fi shi ne su rage bekin foda kaɗan, su ƙara cokali ɗaya ko biyu na madara, su tsaya a 175 zuwa 180 don kek ya kama kafin ya rufta, su dogara da jiƙaƙƙen tawul wajen hana tozo. Kano, da ba ta kai mita 500 ba, ba ta buƙatar wannan gyara.

Lokacin fitarwa

Kada a buɗe ƙofa kafin kashi uku cikin huɗu na lokacin ya wuce. A misalinmu na digiri 165, wato sai bayan minti 25. Kafin nan tsakiya iska ce ke riƙe da ita, sanyin da zai shiga da girgizar ƙofa sun isa su sauke ta, kuma in ta sauka a wannan mataki ba ta sake tashi. In obin na da ɓangaren da ya fi zafi, bayan wannan lokacin ne za a juya gwangwanayen a hankali.

Daga nan ido da yatsa ne. Ƙyallin jiƙa ya ɓace daga tsakiya. In an danna ta a hankali da yatsa ta dawo, ba ta bar shaida ba. Tsinken sakace da aka soka a tsakiya, ba a gefe ba, ya fito da ɗan ɓurɓushi mai laima amma babu ɗanyen kwaɓi. Kada a jira sai ya fito a bushe ƙarau, domin kek na ci gaba da nuna da zafin jikinsa bayan an fitar da shi. Mai ma'aunin zafi irin na sokawa za ta ga wajen digiri 96 zuwa 98 a tsakiya, a Jos kuma ƙasa da haka da digiri uku ko huɗu. Gefe ya soma rabuwa da bango kaɗan, kamar kaurin farce. In har an ga rata sosai tsakanin kek da gwangwani tun yana cikin obin, an makara, gefen ya riga ya bushe. Idan sama ya yi ja amma tsinke na fitowa da kwaɓi, a yafa masa foyil sako-sako, a rage wuta da digiri goma, a ƙara minti biyar a sake dubawa.

Bayan fitarwa a bar shi minti 10 zuwa 15 a gwangwani ya ƙarasa kama jikinsa, sa'an nan a zagaya gefen da wuƙa a kife shi a kan raga. In ya daɗe a gwangwani mai zafi, gefe na ci gaba da gasuwa. Da ya huce, a naɗe shi da ledar naɗe abinci nan take, musamman a lokacin hunturu, da busasshiyar iska ke iya ƙeƙasar da bakin kek cikin awa ɗaya ko biyu. In aka bar shi a naɗe ya kwana, laimar tsakiya na ratsawa zuwa gefe, kuma ya fi daɗin yanka washegari. Fallen da gefensa ya riga ya bushe ana iya ceto shi: a tafasa sukari da ruwa awo ɗaya-ɗaya har sukarin ya narke, a bar shi ya huce, a shafa da buroshi a zagayen bakin kafin a sa kirim. Wanda ya lotsa da ɗanyen ciki kuwa ba ya gyaruwa da mayarwa obin bayan ya huce. Sai dai a yanke tsakiyar a zubar, a yi amfani da zoben da ya nuna.